Ribar awa ɗaya ta keke ce abin dubawa

'Yan uwa masu shagon ɗinki, azumi ya kawo jiki, aiki ya fi ƙarfin keke. Kada ku zaɓi aiki don kuɗinsa ya fi tsoka.

A ce keken surfani ɗaya gare ka, wuta na ba ka awa 40 a mako. Babbar riga naira 12,000 ce. Ka cire zare, mai da ladan yaro, 4,000, saura 8,000, amma tana cin awa 4, wato awa ɗaya ta kawo 2,000. Kaftani kuwa 5,000 ne, ka cire 2,000, saura 3,000 a awa ɗaya tak.

Idan masu kaftani 25 ne a mako, fara da su: 75,000. Ragowar awa 15 ta ishi babbar riga 3, wato 24,000, jimilla 99,000. Da manyan riguna 10 zalla ka karɓa, 80,000 za ka tashi da ita.

Kada ka sa kuɗin hayar shago a lissafin nan, ko me ka ɗinka sai ka biya shi. Kuma ka auna lokacin da agogo, har da canjin zare, don a nan ne kintace ke yaudarar mutum.