Darasi na 7: Yadda Zaka Gano Abinda Mutane Suke Nema a Google Ba Tare da Ka Biya Ko Sisi Ba

Kiwod ba wani abu bane illa kalmomin da mutum yake rubutawa a akwatin bincike idan yana neman wani abu. Matsalar itace yadda kai mai sana'a kake fadin abu daban, yadda mai nema yake rubuta shi daban, kuma in kalmominku basu hadu ba toh da wuya ya ga rubutunka komai kyansa.

Mu dauki mai gyaran waya da yake son yayi rubutu akan batir. Shi a ransa kanun zai zama "hanyoyin kula da lafiyar batir", amma wanda wayarsa take mutuwa kafin yamma ba haka zai rubuta ba, shi abinda ke damunsa zai buga, wani abu kamar "wayata bata rike caji". Wannan maganar tasa muke son kamowa.

Kafin komai bude Chrome ka taba digo ukun nan na sama ka zabi New Incognito tab. Dalili kuwa Google yana tuna abinda ka taba nema ya dawo maka dashi cikin jerin da yake zubowa a kasan akwatin bincike idan ka fara rubutu, zaka gane su da alamar agogo a gefe, kaga in baka kula ba sai ka dauka duniya ce ke nema alhali kai kadai ne. Incognito yana rage wannan, amma bai boye kasar da kake ciki ko yaren wayarka ba, wadannan suna nan suna tasiri.

Yanzu shiga google.com, a akwatin bincikensa rubuta kalma biyu kacal, kar ka danna neman tukuna:

```
batirin waya
```

Tsaya ka kalli jerin da ya zubo a kasa. Wadannan hasashe ne da Google yake yi daga abinda mutane suka riga suka nema, sai ka kwafe su a littafinka yadda suke, kar ka gyara musu rubutu ko da ka ga kuskure, don kuskuren ma haka mutane suke bugawa. Daga nan bada tazara daya ka kara harafi, a, ka duba, goge ka sa b, haka har z. Eh akwai cin lokaci, wasu haruffan ma ba abinda zai fito, amma anan ne ake tsintar dogayen jimlolin da kai baka taba tunaninsu ba. Sannan ka gwada sa kalmar tambaya a gaba:

```
me yasa batirin waya
yadda ake gyara batirin waya
```

In da Hausa kake nema jerin yakan zo gajere saboda rubutun Hausa a intanet bai kai na Turanci yawa ba, kar wannan ya karya maka gwiwa, ka canja rubutun kalmar, batir, batiri, baturi, caji, chaji, kowanne zai iya fito da nasa. Haruffa masu lankwasa ma ka gwada dasu ka gwada babu su tunda yawancin mutane basa sa su a kibod.

Toh yanzu zabi daya ka danna neman. A tsakiyar shafin wani lokaci akwai People also ask, wato jerin tambayoyin da mutane suke yi, in ka taba tambaya daya wasu zasu karu a kasanta. Ka gangara can karshe zaka samu Related searches ko People also search for, suma ka kwafe, ka taba daya ka sake gangarawa, amma zagaye biyu ya isa, daga nan sai kaga an fara kaika maganar siyan sabuwar waya wadda ba ita ta kawo ka ba.

A ce mai gyaranmu ya tara jimla 20. Ba duka zai dauka ba. Kowacce zai tambayi kansa, mai buga wannan me yake so? Wanda ya rubuta "me yasa batir yake kumbura" bayani yake nema, wanda ya rubuta "kudin sabon batir" hannunsa na aljihu, kuma rubutu daya ba zai gamsar da su biyun ba. Hanyar tabbatarwa itace ka duba abinda ya fito a shafin farko, in duk bidiyo ne toh mutane gani suke so ba karatu ba, sai ka je akwatin YouTube ka maimaita aikin don jerinsa daban yake.

Abu daya da nake so ya zauna muku sosai, jerin nan baya fada maka mutum nawa ne suka nema. Wanda yake sama ba lallai shine yafi yawa ba, yana iya zama abinda ake yayi ne a satin. In kana kokwanto tsakanin jimla biyu saka su a Google Trends, kyauta ne, zai nuna maka daga 0 zuwa 100, amma wannan kwatance ne tsakaninsu ba adadin mutane ba, kuma in masu nema basu da yawa zai ce bashi da isassun bayanai.

Aikin gida: dauki kalma biyu daga sana'arka, ka tara jimla 15, gaban kowacce ka rubuta ko bayani mai ita yake nema ko siye, sannan bayan sati daya ka sake bugawa ka ja layi karkashin wadanda har yanzu suna nan.