Ka buɗe pull request na farko a aikin ajinku? Kar ka ɓace

'Yan'uwa ɗalibai, wanda ya buɗe pull request a GitHub ya sani aiki bai ƙare ba, sai ka riƙa leƙa shafin Conversation don can malami ko shugaban rukuni zai rubuta maka gyara. In ka ga "Changes requested" kar ka rufe shi ka buɗe sabo, wallahi wannan na rikita mai dubawa, gyara kawai a reshen nan da ka turo daga shi sannan:

```
git add .
git commit -m "gyara"
git push
```

Da kansa zai hau kan pull request ɗin. Jan alamar ✗ kuma gwaji ne ya faɗi, danna Details ka karanta layin da ya karye tun kafin mai dubawa ya iso.