Darasi na 6: Talatu Ta Sa Bashi a Takarda

Hajiya Talatu tana sayar da sabulu sari a kasuwa. Cikin masu ɗaukar kaya a wurinta akwai Malam Tanko, mai ƙaramin tebur. Sun daɗe suna hulɗa, shi ya sa in ya zo ba kuɗi a hannu takan ce, "Ɗauka mana, in ka sayar ka kawo."

Wata rana ya ɗauki katan 10, kowane katan a kan 4,500. Jimla 45,000 ke nan. Bayan mako guda ya kawo 10,000. Daga baya ya aiko yaronsa da 8,000. Da wata biyu suka wuce, sai Hajiya ta tare shi.

"Malam Tanko, saura 27,000 fa."

"Haba Hajiya! 11,000 ya rage. Kin manta 7,000 da na miƙo miki ranar da mutane suka cika rumfa? Ga kuma katan biyu da ruwa ya taɓa, na dawo da su."

Ba wanda ya yi niyyar cutar wani. Kowa lissafin da ke kansa yake faɗi, amma tsakanin lissafin biyu akwai 16,000. Da aka je gaban shugaban 'yan kasuwa, aka bincika rumfa aka ga katan biyun a lungu, yarinyar shago ce ta karɓa ba ta faɗa ba. Aka cire 9,000. Maganar 7,000 kuwa ba shaida, sai aka raba biyu, kowa ya ɗauki asarar 3,500. Malam Tanko ya biya 14,500, ya tafi ransa a ɓace. Ita ma haka.

Da yamma a ajin yaƙi da jahilci, Hajiya ta ba malamarsu labari. Malama ba ta ce komai a kan wanda ke da gaskiya ba. Allo ta nufa, ta ce, "Hajiya, a maganarku ta farko kun faɗi ranar biya?"

"Na ce in ya sayar ya kawo."

"To yaushe ke nan? In ya sayar da rabi, ko sai ya sayar duka? In kayan suka yi wata shida a teburinsa fa?"

Hajiya ta yi shiru. Nan ne yarjejeniyar baka ta fi samun rauni. Mutane sukan tuna jimlar kuɗi, amma abubuwa uku ne ke zamewa: ranar biya, kuɗin da aka riƙa kawowa kaɗan-kaɗan, da kayan da aka dawo da su. Duk takardar da ba ta kama waɗannan uku ba, ba ta yi aikinta ba.

Hajiya ta ce, "Ni abin da nake jin nauyi, kada ya ce ban yarda da shi ba."

Malama ta tuna mata da aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ita ce aya mafi tsawo a Alƙur'ani. Ayar ta yi umarni a rubuta bashi zuwa lokaci ambatacce, a kafa shaidu, kuma wanda ake bi shi ne zai yi shifta. Malama ta ce, "Ki bar shi ya faɗa da bakinsa, ke ko wani ya rubuta. Wanda ya faɗi abin da ake binsa da kansa, da wuya ya ce an ƙaƙaba masa. Ki kuma nuna masa takardar tana kare shi, don ba za a sake ce masa bai kawo 7,000 ba."

Bayan kwana biyu Malam Tanko ya dawo, don babu inda zai sami kaya da sauƙi irin wurinta. Ya nemi katan 12. Farashi ya tashi zuwa 5,000, jimla 60,000, kuma yana da 15,000 a hannu.

"Zan ba ka, Malam. Amma mu rubuta, ni da kai mu huta."

Ya ɗan ɓata fuska, sannan ya zauna. Ta ɗauko littafi da biro, ta sa takardar kabon a tsakani don a sami kwafi biyu iri ɗaya. Yana faɗa tana rubutawa. Ga abin da ya fito:

"Yau Litinin, 3 ga Maris 2025. Ni, Tanko, na karɓi katan 12 (goma sha biyu) na sabulun wanki daga hannun Talatu, kowane katan a kan 5,000. Jimla 60,000 (dubu sittin). Na biya 15,000 (dubu goma sha biyar) yau. Saura 45,000 (dubu arba'in da biyar). Zan biya sau uku: 15,000 ranar 17 ga Maris, 15,000 ranar 31 ga Maris, 15,000 ranar 14 ga Afrilu 2025. Farashin nan ba zai canja ba ko kaya sun tashi ko sun sauka. Katan da aka samu da lahani za a dawo da shi cikin kwana 3, a cire kuɗinsa. Duk kuɗin da aka biya za a rubuta shi a bayan wannan takarda."

A ƙasa suka sa hannu su biyu, tare da shaidu biyu.

Ku sake duba takardar. A nan mun rubuta sunan fari kawai saboda labari ne. A taku takardar ku sa cikakken suna, da inda mutum yake zaune ko lambar rumfarsa, da lambar waya, domin masu suna ɗaya suna da yawa a kasuwa. Ku kuma sa sunan kuɗin ƙasarku kusa da kowane adadi.

An rubuta manyan adadin sau biyu, da lamba da kuma kalmomi. Dalili shi ne lamba tana da sauƙin taɓawa. Sifiri ɗaya ya isa ya mayar da 4,500 ya zama 45,000, kuma ɗan jan biro kan mayar da 1 ya koma 7. Kalmar "dubu arba'in da biyar" ba ta gyaruwa ba tare da an gani ba. Saboda wannan dalilin ne ba a rubutu da fensir, kuma ba a barin fili tsakanin layin ƙarshe da sa hannu. In fili ya ragu, a ja layi a kansa. In an yi kuskure kada a goge, kada a dagula. A ja layi ɗaya a kan kalmar yadda za a iya karanta ta, a rubuta daidai a sama, mutanen biyu su sa hannu a gefe.

Layin da ya ce farashi ba zai canja ba, da yawa sukan tsallake shi, kuma shi ne ke haddasa rigima idan kaya suka yi tsada. Mai kaya zai ce a biya shi da farashin yau, mai ɗauka ya ce da na ranar ɗauka. A yanke wannan tun farko.

Sai batun rana. "Ƙarshen wata" da "in na samu" da "nan ba da daɗewa ba" duk ba ranaku ba ne. Rana ita ce wadda za a iya nunawa a kalanda, da watanta da shekararta. Kuma gara a tambayi mai ɗauka abin da cinikinsa zai iya fitarwa. Da Hajiya ta matsa a biya 45,000 cikin mako guda, da Malam Tanko ya amsa don ya sami kaya, sannan ya saɓa.

Shaidun da Hajiya ta kira maƙwabtan rumfa ne, ba yarinyar shagonta ba, ba kuma ɗanta ba. Shaidar wanda yake cin abinci a ƙarƙashinka ba ta da nauyi idan magana ta tashi. Shaida ya ga an ƙirga kaya, ya ji an karanta takarda, sannan ya sa hannu. Wanda aka kai wa takarda daga baya aka ce ya sa hannu, sunansa kawai aka ara.

Malam Tanko bai iya karatu sosai ba. Saboda haka ɗaya daga cikin shaidun, wanda shi da kansa ya zaɓa, ya karanta masa takardar a fili tun daga sama har ƙasa. Wanda bai iya sa hannu ba sai ya dangwala babban yatsa da tawada, a rubuta sunansa kusa da dangwalen. A sa tawada kaɗan, a danna sau ɗaya ba tare da murzawa ba, in ba haka ba zanen yatsan zai dagule ya zama baƙin tabo kawai. Kada wanda bai ji abin da ke cikin takarda ba ya dangwala mata yatsa, ko wa ya kawo ta.

Kowa ya riƙe kwafinsa. Hajiya ta ɗauki hoton takardar da waya, ta sa nata kwafin a leda saboda ruwa.

Ranar 17 ga Maris ya kawo 15,000. Ta juya bayan takardun biyu ta rubuta: "17 ga Maris, an biya 15,000, saura 30,000." Suka sa hannu. Ranar 31 ga Maris kasuwa ba ta yi ba, 9,000 kawai ya samu, kuma yaro ya aiko. Wannan karon yaron ya zo da takardar ubangidansa. Ta ƙirga a gabansa ta rubuta: "31 ga Maris, an biya 9,000 ta hannun yaro, saura 21,000." Rubuta saura a kowane layi shi ne ke hana lissafi tarwatsewa, domin layin ƙarshe kaɗai ya isa ya nuna inda aka tsaya.

Da Malam Tanko ya ga ba zai iya haɗa 21,000 kafin 14 ga Afrilu ba, sai ya zo tun da wuri ya nemi ƙarin lokaci. Hajiya ta yarda, amma ba a bar shi a baki ba. Aka ƙara layi: "An ɗaga biyan 21,000 zuwa 28 ga Afrilu 2025," suka sa hannu. Da ya cika, ta rubuta da manyan haruffa a kan kwafin biyu, "AN GAMA BIYA," da kwanan wata da sa hannunta. Mai biya ya ajiye nasa, kada ya yaga, don shi ne hujjarsa in wani ya taso daga baya, musamman magada.

Takarda tana da iyakarta. Tana tabbatar da abin da ake bi, amma ba ta samar wa wanda ya karye kuɗi. Don haka har yanzu sai an duba wa za a ba, kuma nawa. In kuma bashin babba ne, ko za a sa fili ko gida ko abin hawa jingina, irin wannan takarda ta hannu ba ta wadatar ba. A nemi lauya ko wanda ya san doka, domin kowace ƙasa da ƙa'idarta.

Aikin yi

Ku zauna biyu-biyu, ɗaya mai kaya ɗaya mai ɗauka. An ɗauki bokiti 20, kowane a kan 1,500, an biya 10,000 nan take. Nawa ne jimla, nawa ya rage? Mai ɗauka ya faɗa, mai kaya ya rubuta takardar, a raba saura gida biyu da ranakunsu. Bayan haka ku juya baya ku rubuta biyan farko, sannan a ce an dawo da bokiti 2 da suka fashe: ku cire kuɗinsu ku rubuta sabon saura. Ku ba wasu biyu su karanta a fili, su nemo ko akwai layin da za a iya fahimta ta hanya biyu.