Darasi: Rubuta wa malamar aji takarda idan an sa wa yaro siminti a ƙafa

Yaro ya karye a ƙafa, an sa masa siminti a asibiti, likita ya ce zai iya komawa makaranta. Kada a ba shi saƙon baka ya kai wa malama, domin zai manta rabi, ya ɓoye rabi don a bar shi ya yi wasa. A rubuta.

A sama a sa kwanan wata, da ajin yaron, da cikakken sunansa. Ko ɗan fari ne, a nan kam a ajiye kara a rubuta sunan, don aji ɗaya yakan ɗauki yara masu suna ɗaya. Ga misali:

Assalamu alaikum Malama,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya. Ni ce mahaifiyar .......... Ya faɗo daga keke, ƙashin ƙafarsa ta dama ya tsage. An sa siminti daga yatsu zuwa ƙasan gwiwa, likita ya ce zai yi mako 6, kuma kada ya taka ƙafar. Da sandunan dogarawa yake tafiya.

Ina roƙon a zaunar da shi kusa da ƙofa, a ba shi ƙaramin benci ya ɗora ƙafar, don idan ta daɗe a ƙasa takan kumbura. A ɗauke masa tsayuwar asambile da shara da wasan motsa jiki, kuma a bar shi ya riga sauran yara fita da minti 5 saboda turereniya. Ba ya iya tsuguno sosai, sai ɗan ajinsu ya raka shi bayan gida ya riƙe masa buta. Kada ruwa ya taɓa simintin, yana sa shi laushi. Idan ƙaiƙayi ya dame shi, a hana shi zura biro ko tsinke, zai ji wa kansa ciwo a inda ido ba ya gani.

Don Allah Malama ki riƙa duba yatsunsa. In sun kumbura, ko sun yi sanyi, ko launinsu ya canza, ko ya ce ba ya jin su, ko ciwon yana ƙaruwa, ki kira ni nan take kada a jira tashi. Alama ce simintin ya matse shi, sai an kai shi asibiti. Lambata: ..........

Na gode, Allah ya saka da alheri.

Ku lura da sakin layin da ya yi maganar duba yatsu, shi ne mafi nauyi. Uwa ba ta ce "a kula min da shi" ta yi shiru ba, ta faɗi abin da za a duba da abin da za a yi.

Aiki: Ku kwafi takardar a littafinku, ku cike guraben. Sannan ku ƙara jimla ɗaya da ke sanar da malama ranar da yaron zai koma ganin likita, don kada a rubuta masa fashi.