Kafin ku kira injin haƙa a Mokolo ko Mora

'Yan uwa masu haɗa kuɗin rijiyar burtsatse a gefen duwatsun Mandara, ku tsaya tukuna. Ƙasan nan ba irin ta Kousseri ba ce, inda yashi ke riƙe ruwa kusan ko'ina. A nan dutse ne gagau, ba ya shan ruwa. Ruwan yana zama ne a ruɓaɓɓen dutsen da ke sama, wanda ya marmashe ya zama kamar soso, sai tsagogin da ke ƙarƙashinsa, su ne ke jawo ruwan zuwa rijiya. Tsaga kuwa siririya ce, ka matsa taku goma ka kuskure ta. Shi ya sa maƙwabcinka ya samu, kai ka tashi a tutar babu.

To, a fara biyan mai awon ƙasa da na'urar lantarki, ya auna wuri biyu ko uku. A nemi inda ruɓaɓɓen ya yi kauri, galibi wajen kwari ko gefen mayo, ba inda Alhaji ya nuna a ƙofar gidansa ba.

Ranar haƙa ku tsaya a wurin. Idan garin dutsen da ke fitowa ya jiƙe, ya fara zuwa da tsakuwa, an taɓa tsaga. In kuwa busasshiyar ƙura ce har mita 70 ko 80, ku dakatar, kowace ƙarin mita sefa ce kuke binnewa.