Bin kadin ganawar neman aiki bayan mako 2 shiru

Masu yawan tambayata, ga yadda nake yi:

1. Duba ranar da suka yi alkawarin ba da amsa. In ba ta cika ba, dakata.
2. Leƙa Spam a akwatin imel ɗinka, amsar kan maƙale can.
3. Nemo imel ɗin da aka gayyace ka da shi, ka danna Reply.
4. Gaida mai ɗaukar ma'aikatan da sunansa.
5. Rubuta: "Na gode da ganawarmu ta ranar Talata. Ko akwai labari kan matsayin? Har yanzu ina son aikin."

Hattara! Nan ake ɓata rawa da tsalle. Kada ka rubuta "kun yi shiru", ƙorafi ne.

6. Aika da safe, ranar aiki.
7. Jira mako guda kafin tuni na biyu.