Darasi na 9: Wasiƙar neman a mayar maka da kuɗin tikitin jirgin ƙasa

Mu mutanen Maraɗi ba mu taso da jirgin ƙasa ba. Wanda ya taɓa shigarsa a cikinmu, to sai da ya ƙetare Ɗan Isa da Jibiya ya shiga Najeriya. Amma tun watan Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, ta Katsina da Jibiya, kuma ko ba don shi ba, ƴan kasuwarmu kullum suna kan hanya. Saboda haka wannan wasiƙa tana iya yi wa kowa rana.

Wani ɗan ajinmu, mai sayar da yadi, shi ne ya kawo maganar. Ya sayi tikitin jirgin ƙarfe 4 na yamma a wata tasha a Najeriya, ya zo da wuri ya zauna. Sai bayan magariba aka sanar cewa an soke tafiyar. Motoci sun daina lodi, ga hunturu, ga shi bai san kowa a garin ba. Ya zauna kan benci da jakarsa a cinya har wajen goma na dare, sannan ya nemi ɗaki ya kwana. Da gari ya waye ya shiga mota.

Da ya dawo gida ya rubuta wa kamfanin shafi biyu cur, ya kawo mini in duba. Ya faɗi sanyin da ya sha, ya faɗi yadda mai gadi ya yi masa magana, ya ce Allah ya isa har sau uku. Na karanta na ce, "Alhaji, duk abin da ka faɗa gaskiya ne. To amma wace rana ce? Wane jirgi? Nawa kake so a ba ka?"

Ya ce, "Malam, ai sun sani."

Ba su sani ba. Wanda zai buɗe wasiƙar ba ya tashar a daren, kuma mutum ɗari nawa suka sayi tikiti ranar? Akawu ne a zaune gaban rajista, yana neman lamba da rana da adadin kuɗi. In ya same su a layin farko, zai iya aiki. In bai same su ba, sai ya ajiye takardar gefe, kuma abin da aka ajiye gefe ya kwana ke nan.

Abin da za ka tara tun kana tashar

Tikitin shi ne hujjarka. Irin ƙaramar takardar nan mai santsi da inji ke fitarwa, rubutunta yana gogewa in ta sha zafi ko ta daɗe a aljihu, don haka ka ɗauki hotonta da waya tun a daren. In a waya aka sayi tikitin, ka ɗauki hoton saƙon. In an rubuta sanarwar sokewa a allo, ita ma ka ɗauke ta. Duk abin da ka biya saboda wannan kwanan, ka ce a ba ka rasit. Alhaji ya karɓi na masauki da na mota, amma bai karɓi na shayi da burodi ba, wa ma ke ba da rasit a teburin mai shayi?

Ka lura da kalma ɗaya: sokewa daban, jinkiri daban, makara daban. In jirgin ya tashi kai ne ka zo a makare, ba ka da bakin magana. In ya yi jinkiri amma ya kai ka, an yi maka aikin da ka biya. In kuwa an soke shi, ka biya ba a kai ka ba, nan ne maganarka ta fi ƙarfi. Sai dai in an ce ka hau na safe da tikitin nan naka kuma ka hau, to ka ci kuɗinka, kada ka sake nemansu.

Lissafin, a nan ake yawan kuskure

Ga kuɗin da Alhaji ya kashe. Tikitin jirgi naira 9,000. Ɗakin kwana naira 7,000. Motar safe naira 12,000. Shayi da burodi naira 1,500.

Da farko ya haɗa su duka ya samu 29,500, ya ce shi zai nema. Mu duba. Da jirgin ya tashi lafiya, da ya kashe 9,000 ya isa inda za shi. In aka mayar masa da 9,000 na tikiti, aka kuma biya masa 12,000 na mota, ya yi tafiyar kyauta ke nan, kuma akawu zai gane haka nan take. Abin da ya yi asara a kan mota shi ne ƙarin da ke tsakani: 12,000 a cire 9,000, saura 3,000. Na shayi kuwa babu rasit, kuma ko yana gida zai ci abinci, sai muka bar shi. Saura 9,000 da 7,000 da 3,000, jimla 19,000.

Kuma ba a dunƙule su wuri ɗaya. Kuɗin tikiti haƙƙinka ne a fili. Kuɗin masauki da ƙarin mota kuwa ya danganta da ƙa'idar kamfanin, wadda akan rubuta a jikin tikiti ko a manna a tasha. Wani yana biya, wani ba ya biya. In ka raba su gida biyu, ko an ƙi na biyun, na farko zai fita. In ka dunƙule, ana iya ƙin duka a ce adadin bai dace da tikiti ba.

Da naira ka biya, da naira za ka nema. Kada ka juya zuwa sefa ka ce jaka kaza, don canji yana hawa yana sauka, kuma rajistarsu ba ta san jaka ba.

Ga wasiƙar bayan mun gyara ta

Maraɗi, 20 ga Janairu 2025

Zuwa ga shugaban sashen kula da fasinjoji,
Kamfanin jirgin ƙasa na ..........

Neman a mayar da kuɗin tikiti mai lamba ..........

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Na sayi tikiti mai lamba .......... a kan naira 9,000, don jirgin da zai tashi daga tashar .......... zuwa .......... ranar Talata 14 ga Janairu 2025 da ƙarfe 4 na yamma. Na iso tasha kafin lokaci. Wajen ƙarfe 7 na dare aka sanar da mu an soke jirgin, ba a kawo wani ba, ba a kuma ba mu wurin kwana ba. Ban yi amfani da tikitin a wani jirgi ba.

Ina roƙon a mayar mini da kuɗin tikitina, naira 9,000 (dubu tara).

Bayan haka, sokewar ta sa na kama ɗaki a kan naira 7,000, da safe kuma na shiga mota a kan naira 12,000, wato ƙarin naira 3,000 a kan kuɗin jirgi. Ina roƙon a duba a biya ni wannan naira 10,000 (dubu goma). Jimla naira 19,000 (dubu goma sha tara).

Na haɗo kwafin tikiti, da rasit na masauki, da na mota. A saka kuɗin a asusu mai lamba .......... na bankin .........., mai suna .......... Ina jiran amsa cikin kwana 21 a wannan lambar waya: +227 ..........

Na gode.

Sa hannu da cikakken suna

Ka ga sanyin da mai gadin duk sun fita. Abin da ya rage na wahalar shi ne jimla ɗaya: ba a kawo wani jirgi ba, ba a ba mu wurin kwana ba. Wannan ita ce ke da amfani, don ita ce dalilin kuɗin masauki. Alhaji bai ji daɗin cire "Allah ya isa" ba, na ce masa ya faɗe ta a gida, Allah yana ji ko ba a rubuta ba.

An rubuta kuɗin da lamba da kuma kalmomi, don sifili ɗaya in ya ɓace, dubu tara ta koma ɗari tara. Kwana 21 ɗin kuwa ba doka ba ce, kai ka sa, don ka san ranar da za ka sake tuntuɓa.

Wuraren da ɗan Nijar ke tuntuɓe

Awa. Mu nan mun saba ganin 16h a takarda, a tikitin Najeriya kuwa za ka ga 4:00 PM. Abu ɗaya ne, ƙarfe 4 na yamma. AM daga tsakar dare zuwa tsakar rana ne, PM daga tsakar rana zuwa tsakar dare. Ka kwafi abin da ke jikin tikitin yadda yake.

Lambar waya. In ba ka fara da +227 ba, wanda ke Najeriya ba zai same ka ba, ko yana da niyya.

Sai asusu, wanda ya fi ba da wahala. Yawancinmu ba mu da asusun banki a Najeriya. Alhaji mai masaukinsa na wani gari ne ya saya masa tikitin da katinsa, shi kuma Alhaji ya ba shi kuɗin a hannu. A irin wannan hali sau da yawa asusun da ya biya shi ake mayar wa, don haka ka tambayi mai katin tun kafin ka rubuta, ka sa sunansa da lambar asusunsa daidai yadda suke a banki, ka kuma ƙara layi ɗaya cewa shi ya biya a madadinka. Lambar asusu kawai ake bayarwa. Duk wanda ya kira ka ya ce ka faɗi lambar sirrin kati ko lambar da aka turo a waya don a mayar maka da kuɗi, ɓarawo ne.

Da Hausa muka rubuta. In ofishin ya ce sai da Turanci, ka sami wanda zai juya maka, amma kai da kanka ka bi lambobin ɗaya bayan ɗaya ka ga sun dace da naka.

Kai wasiƙar

Ka yi kwafi biyu. Ka miƙa ɗaya tare da kwafin takardun, ka riƙe na asali a hannunka. Ɗaya kwafin ka ce wanda ya karɓa ya buga masa hatimi, ya sa hannu, ya rubuta kwanan wata. In ba za ka koma can da wuri ba, direba ko abokin ciniki da ka yarda da shi zai iya kai maka, ya dawo da kwafin mai hatimi. In kwana 21 sun cika shiru, ka rubuta gajeriyar tunatarwa: ranar da aka karɓi ta farko, lambar tikiti, adadin kuɗin, sai hoton kwafin nan mai hatimi.

Aiki

1. Wata mata ta sayi tikiti naira 6,500, aka soke jirgin. Ta kwana a masauki naira 5,000, ta shiga mota naira 8,000. Nawa za ta nema na tikiti, nawa na ƙarin kuɗi? Rubuta jimlar da lamba da kalmomi.

2. Rubuta 18h30 yadda za a gan shi a tikitin Najeriya, da yadda muke faɗinsa da baki.

3. Kwafi wasiƙar a littafinka, ka cike guraben da sunanka da lissafin matar nan, ka zo da ita darasi na gaba a karanta a aji.